Idan Jijiyar Ƙafa Ta Ɗaure Maka Cikin Dare

Da farko kada ka yunƙura ka tashi. Miƙe ƙafar a kan shimfiɗa, ka kama yatsun ka jawo su wajen gwiwa, ka riƙe kamar daƙiƙa 30. Kada ka tanƙwasa su ƙasa, ƙara ɗaurewa zai yi. Da ya saki, ka murza sha-raɓar ƙafar, ka ɗora tsumma mai ɗumi, sannan ka ɗan taka.

Sai kuma neman dalili. Lokacin bazara a Zariya, wanda ya wuni a Kasuwar Sabon Gari yana zufa, ruwa da gishirin jikinsa sun ragu. Fitsari mai duhu shaida ne. Haɗa garin gishiri da sukari na ORS leda ɗaya a lita 1 ta ruwa mai tsabta ka sha, ruwan sanyi kawai ba ya mayar da gishirin. Ayaba, wake, gyaɗa da nono suna taimakawa.

Mai juna biyu kuwa, abin ya fi yawa a watannin ƙarshe, ta riƙa miƙe ƙafa kafin barci, kada ta sha magani sai an rubuta mata a wurin awo. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi ja da zafi, asibiti nan take, don yana iya zama gudan jini.