Aikin gida kan mutunta addini da al'adar majiyyaci: inda ɗalibai ke tafka kuskure

Duk zangon karatu sai an ba ɗaliban jinya wannan aikin, kuma duk zango kuskuren ɗaya ne. Ɗalibi ya cika shafi uku da "Bahaushe kaza, Bayarabe kaza, Ibo kaza", ya miƙa. Wannan ba jinya ba ce, hirar tasha ce. A Legas, Bayarabe mai suna Tunde yana iya zama Musulmi mai azumin Litinin da Alhamis, mai jin Hausa daga Agege kuma ya zama Kirista. Suna ba ya gaya maka komai. Maganin abin shi ne ka ɗauki majiyyaci ɗaya, ka rubuta tambayar da ka yi masa, da amsarsa, da abin da aka sauya a kulawarsa.

Kuskuren da ya fi muni shi ne ɗaukar shiru a matsayin ladabi. A ce dattijo daga Idi-Araba, mai ciwon suga, yana shan glibenclamide, ya ce zai yi azumin Ramadan. Ɗalibi sai ya rubuta: "Na mutunta ra'ayinsa." Shi ke nan? Haba! Wannan maganin yana sa jiki ya ƙara fitar da insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba, don haka sugansa na iya faɗuwa wajen la'asar: gumi, rawar hannu, ruɗewa, har suma. Abin da ake so a gani a takardarka shi ne yadda ka buɗe zancen: "Baba, yaya azumin bara ya kasance muku da wannan maganin?" Sannan ka kai wa likita batun, don shi ke sauya magani ko lokacin shansa, ba kai ba. Ka rubuta cewa an koya masa gwada jini da rana, an kuma gaya masa ya karya azumin idan awon sugan ya sauka ƙasa da 70 mg/dL ko ya haura 300 mg/dL. Aya ta 185 a Suratul Baƙara ta yi wa mara lafiya rangwame, amma kada ka zama malamin dole. Idan zuciyarsa ba ta kwanta ba, a kira limamin da ya yarda da shi.

Wasu kuma suna rubuta cewa miji ya sa hannu a madadin matarsa. Balagaggiya mai hankalinta ita ke ba da izini, mijin sai dai a sa shi cikin shawara idan ta so. Haka batun Mashaidin Jehobah da ya ƙi ƙarin jini: Kotun Ƙoli ta tabbatar wa baligi wannan 'yancin a shari'ar Okonkwo ta 2001, amma a shari'ar Esabunor ta 2019 ta ce iyaye ba za su hana yaro jinin da zai ceci ransa ba.

Rubutun sha da zamzam kada a hana, sai dai a tambaya me aka haɗa a ciki, kuma ko kurɓi ɗaya ne ana lissafa shi idan an ce kada a sha komai kafin tiyata. Sunan majiyyaci da lambar katinsa kuwa, kada su shiga takardar.