Yanke hoto ba tare da an zubar da gefensa ba: kurakuran da aka fi yi

Hoton biki ba ya zama a siffa ɗaya. Yau amarya tana son wanda za ta ɗora a Instagram, dogo a tsaye, bayan wata biyu kuma mahaifiyarta ta aiko a buga mata shi a kwance, babba, wanda za a rataye a falo, kuma tana so a ga gwaggon da ke zaune a can gefe. Idan mai ɗaukar hoto ya riga ya yanke gwaggo ya zubar, sai dai a yi ta ba da haƙuri. Photoshop da Lightroom duka suna da hanyar ɓoye gefen hoto maimakon share shi, kamar yadda tela ke kalmasa bakin riga ya bar yadin a ciki ko za a buƙaci ƙarin tsawo. Matsalar ita ce mutane da yawa suna zaton sun ɓoye, alhali sun share, kuma ba sa ganewa sai ranar da aka zo nema.

Mu ɗauki hoto ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Kyamara ta ɗauko shi a kwance, faɗinsa fiksel 6000, tsayinsa 4000. Ana son a mayar da shi 4:5 a tsaye. Tsayin zai zauna yadda yake, faɗin kuma ya koma 3200, wato fiksel 2800 sun fita, 1400 ta dama, 1400 ta hagu. Kusan rabin hoton ke nan, kuma duk maganarmu a kan inda wannan rabin yake kwana ne.

Kuskure na farko yana nan a saman allon Photoshop. Idan ka danna C ka ɗauko Crop Tool, akwai zaɓin da aka rubuta Delete Cropped Pixels. Matuƙar yana kunne, da ka danna Enter waɗancan fiksel 2800 sun tafi. Ctrl+Z zai dawo da su muddin fayil ɗin yana buɗe, amma History ba ya bin fayil idan an rufe shi, don haka gobe babu abin da za ka koma wa. Gyaran shi ne ka kashe zaɓin kafin ka yanke. Akwai alamar da za ta tabbatar maka ya yi aiki: leyar da ake kira Background za ta koma Layer 0, domin Background ba ta iya riƙe abin da ya wuce iyakar hoton. Daga nan duk ranar da kake son gefen, sai ka shiga Image > Reveal All, hoton ya buɗe ya koma 6000 da 4000. Ka riƙa duba zaɓin nan kowane lokaci, musamman a shagon da mutum uku ko huɗu ke amfani da kwamfuta ɗaya, domin Photoshop yana barinsa yadda na ƙarshe ya bar shi. Haka kuma kashe shi ba ya kare ka daga Image > Crop ko Image > Trim, su waɗannan share leya ta fiksel suke yi kai tsaye.

Wanda ya fi wannan cin mutane shi ne wajen ajiya. Mutum ya kashe Delete Cropped Pixels, ya yanke da kyau, sannan ya ajiye a JPEG, har ma a kan hoton asali. JPEG ba ya ɗaukar leya, kuma ba ya riƙe komai a wajen iyakar hoto, abin da ido ke gani shi kaɗai yake shiga. PNG ma haka. Layer > Flatten Image shi ma yana zubar da gefen, ko da daga baya an ajiye a PSD. Saboda haka fayil biyu ake yi. Na aiki a ajiye shi PSD, ko TIFF da aka bar wa zaɓin Layers a kunne, na fita kuma, wanda za a tura wa mai hoto, a fitar da shi JPEG da wani suna dabam.

Yanzu ga wanda nake so a tsaya a kansa sosai, domin gefen yana dawowa amma ba ya amfanuwa. A cikin jerin zaɓin Crop Tool akwai Ratio, akwai kuma W x H x Resolution. Masu aikin Instagram suna son na biyun, sai su rubuta 1080 px da 1350 px don su huta da rage girma daga baya. Abin da ke faruwa shi ne Photoshop ba yankewa kawai yake yi ba, yana rage leyar gaba ɗayanta, har da ɓoyayyen gefen. Tsayi 4000 ya sauko 1350, faɗi 6000 ya sauko 2025. Ranar da aka zo neman na falo, ka danna Reveal All, ga gwaggo ta dawo, ka ji daɗi. Amma bugu mai inci 18 da 12 yana neman fiksel 5400 da 3600 idan ana son 300 a kowane inci, kai kuwa abin da ke hannunka bai kai 113 a inci ba. Za ka gani a kan takardar: aikin zare na wuyan babbar riga ya narke, ba ka iya bin layinsa, zanen lallen hannun amarya ya zama dishi-dishi. Idan kana son sanin ko hakan ta faru, duba Image > Image Size bayan Reveal All ka gwada da lambobin kyamararka.

A nan ne Smart Object yake da rana. Kafin ka taɓa komai, danna dama a kan leyar ka zaɓi Convert to Smart Object. Photoshop zai nannaɗe cikakken hoton a cikin fayil ɗin, abin da kake gani a allo kwafinsa ne da ake sake zanawa daga asalin duk lokacin da girma ya canza. Ko Delete Cropped Pixels yana kunne ba zai taɓa abin da ke ciki ba, ko ka rage zuwa 1080 asalin yana nan a 6000 da 4000. Idan ka yi Reveal All, sannan ka mayar da Image Size zuwa 6000, kaifin hoton zai dawo yadda yake. Haka ma idan ka miƙar da hoton da ya karkace, asalin ba ya lalacewa komai yawan juyawar.

Sai dai shi ma ana yi masa kurakurai. Mafi yawa shi ne jinkiri: a yanke tukuna da Delete Cropped Pixels a kunne, sannan a mayar da leyar Smart Object. Abin da ya rage kawai aka nannaɗe. Wani kuma yakan danna hoton leyar sau biyu, fayil na ciki mai ƙarshen .psb ya buɗe, ya yi yankan a can ya danna Ctrl+S. Wannan asalin ne ya yanka da hannunsa. A yi yankan a fayil na waje, na ciki kuma a bar shi don goge tabo da gyaran fata. Wannan ma yana maganin wata matsala: idan a waje ka yi gogen bayan yanka, iya inda kake gani ka gyara, ranar da gefen ya dawo sai ka tarar da wayar lantarkin da ka goge a tsakiya ta ci gaba a dama da hagu. Akwai kuma Rasterize Layer, wanda Photoshop kan nemi ka yarda da shi idan ka yi ƙoƙarin shafa burushi a kan Smart Object. Da ka yarda, kariyar ta ƙare. Ka ƙi, ka buɗe sabuwar leya a sama.

Fayil mai Smart Object yana da nauyi, babu musu, kuma PSD ba ya wuce gigabait 2, bayan nan sai PSB. Shi ya sa wasu ke amfani da File > Place Linked, wanda ba ya shigo da hoton ciki, adireshinsa kawai yake riƙewa. Idan aka goge asalin, ko yana kan filashin da ya ɓata, ba za ka iya buɗe shi ka gyara ba. Ga hoton biki da za a iya nema bayan shekara biyar, ni Place Embedded nake ba da shawara, a jure nauyin.

Lightroom Classic da Camera Raw dabararsu dabam ce. Ba sa taɓa fiksel ɗin hoton, umarnin yankan kawai suke rubutawa. Na hotonmu zai yi kama da haka:

```
crs:HasCrop="True"
crs:CropTop="0"
crs:CropLeft="0.233333"
crs:CropBottom="1"
crs:CropRight="0.766667"
```

Lambobin kaso ne na faɗi da tsayi, daga 0 zuwa 1, kuma 1400 cikin 6000 shi ne 0.233333. Danna R, ka ja iyakar waje ko ka danna Reset na wurin yankan, gefen ya dawo. Abin da kan ɓace a nan shi ne umarnin. Lightroom yana ajiye shi a katalog ɗinsa, ba ya rubuta shi tare da hoton sai ka danna Ctrl+S a kan hoton, ko ka kunna Automatically write changes into XMP a cikin Catalog Settings. Ga ɗanyen fayil na kyamara irin CR2 ko NEF, umarnin yana shiga wani ƙaramin fayil mai suna iri ɗaya, IMG_2041.xmp kusa da IMG_2041.CR2. Wanda ya kwashe hotunan ya bar waɗannan ƙananan, ko ya goge su yana zaton shara ce, zai buɗe a wata kwamfutar ya tarar da hotuna ɗari uku babu yanka ko ɗaya. Yankan da aka yi a Virtual Copy kuwa, wato kwafin da Lightroom ke yi ba tare da sabon fayil ba, ko Ctrl+S ba ya fitar da shi, a katalog kaɗai yake zama.

A Lightroom, gefen yana salwanta ne a wuri biyu. Na farko Export: JPEG ɗin da ya fito yankakke ne na dindindin, don haka wanda ya goge fayilolin kyamara bayan ya miƙa aiki, don ya samu fili a ma'ajiyar kwamfutarsa, ya goge gefen tare da su. Na biyu shi ne tura hoto Photoshop da Ctrl+E, domin abin da zai buɗe a can fiksel 3200 ne kawai, Reveal All ba zai samo komai ba. Ka zaɓi Edit In > Open as Smart Object in Photoshop. Idan ka danna leyar sau biyu Camera Raw zai buɗe, ka saki yankan, ka dawo ka yi Reveal All. A kula da Ctrl+J a nan: kwafin da yake yi asali ɗaya suke sha da na farko, ka canza yankan ɗaya duka su canza. Idan kana son na tsaye da na kwance a fayil ɗaya, New Smart Object via Copy za ka zaɓa.

Wani abu da ya shafi amana: abin da aka ɓoye yana tafiya da fayil ɗin. Idan mai hoto ta ce a cire wata daga gefe, ko wata ce da ba ta yafa mayafi ba, kai kuma ka tura wa mai bugu PSD, duk wanda ya danna Reveal All zai gan ta. Haka JPEG ɗin da aka yanke a Lightroom ba a yi masa Export ba, a waya cikakkensa zai buɗe. Abin da zai bar shagonka ya zama wanda aka fitar, ka buɗe shi a manhajar kallon hoto ta kwamfuta ka duba gefensa kafin ka tura.

Shi kuma fayil na aiki, gwajinsa ba ya cin minti ɗaya. Ajiye, rufe, sake buɗewa, danna Image > Reveal All, sannan ka duba Image Size. Idan ka ga 6000 da 4000, ko leyar tana ɗauke da alamar Smart Object a kusurwar ƙaramin hotonta kuma na cikinta cikakke ne, danna Ctrl+Z ka rufe. Idan hoton bai motsa ba, koma kan katin kyamara ka kwafo asalin kafin a goge katin don bikin Asabar mai zuwa.