Yadda ake juya lamba tsakanin binari, desimal da heksadesimal idan tambayar ta zo a hoto

Ɗaliban kimiyyar kwamfuta da nake koya wa darasin yamma a Samaru sun saba turo mini aikin gida a hoton da suka ɗauka daga allo, kuma na lura cewa sau da yawa kuskuren yana faruwa ne tun wajen karanta hoton, kafin a fara lissafi. Saboda haka matakin farko shi ne ka kwafe tambayar a takarda da hannunka, kana duba ƙaramar lambar da ake rubutawa a ƙasan babbar ta gefen dama. Ita ce take nuna tushe: 2 na binari, 10 na desimal, 16 na heksadesimal. Idan ta ɓace a hoto, 10 na iya zama biyu, ko goma, ko goma sha shida.

Bari mu ɗauki tambayar da wata ɗaliba ta turo: a mayar da 10110110 na binari zuwa desimal da heksadesimal. Fara ƙirga alƙaluman, za ka samu takwas. Sai ka rubuta darajar kowane gurbi a samansa, kana farawa da 1 daga dama kana ninkawa biyu har zuwa hagu.

```
128  64  32  16   8   4   2   1
  1   0   1   1   0   1   1   0
```

Tara darajar guraben da suke da 1 kawai, wato 128 da 32 da 16 da 4 da 2, jimla 182. Ƙirgar alƙaluman nan tana da amfani, domin hoton da aka ɗauka cikin gaggawa yakan yanke gefe. Da an yanke sifilin ƙarshe, amsar za ta koma 91, rabin ta gaskiya. Da kuwa ɗayan farko ne ya ɓace, za a samu 54.

Zuwa heksadesimal kuwa ba sai an bi ta desimal ba. Da yake 16 daidai take da 2 × 2 × 2 × 2, kowane alƙalami na heksadesimal yana wakiltar alƙaluma huɗu na binari. Raba lambar huɗu-huɗu daga dama: 1011 da 0110. Rukunin farko 8 da 2 da 1 ne, wato 11, na biyu kuma 4 da 2, wato 6. A heksadesimal ana rubuta 10 zuwa 15 da haruffan A zuwa F, saboda haka 11 ita ce B, amsar kuma B6. Ina nanata farawa daga dama ne saboda lambobin da ba su cika huɗu-huɗu ba. A 110110, rukunin dama 0110 ne, saura 11 a cike ta da sifili biyu a hagu ta zama 0011, amsa 36. Wanda ya fara daga hagu zai samu 1101, ya rubuta D, kuma duk abin da ya biyo baya ya lalace.

Idan tambayar daga desimal ta fara, sai a yi ta raba lambar da 2 ana rubuta ragowa har a kai sifili.

```
182 ÷ 2 = 91  saura 0
 91 ÷ 2 = 45  saura 1
 45 ÷ 2 = 22  saura 1
 22 ÷ 2 = 11  saura 0
 11 ÷ 2 =  5  saura 1
  5 ÷ 2 =  2  saura 1
  2 ÷ 2 =  1  saura 0
  1 ÷ 2 =  0  saura 1
```

Ana karanta ragowar daga ƙasa zuwa sama, a samu 10110110. Wanda ya karanta daga sama zai rubuta 01101101, wato 109, kuma gane wannan kuskure ba wuya: lambar da ta rabu biyu ba saura, irin 182, dole ta ƙare da 0 a binari.

Ɓangare na biyu na tambayar ɗalibar nan ya fi ba ni damuwa. An ce a mayar da B6 zuwa desimal, amma hasken taga ya faɗo a kan allon, B ta fito tamkar 8. Ta lissafa 8 × 16 + 6 ta samu 134, lissafinta daidai, lambar ce ba ita ba. Amsar gaskiya ita ce 11 × 16 + 6, wato 182. Haka D take rikiɗa ta yi kama da 0. A nan lissafi ba zai cece ka ba, domin 86 ma lamba ce ingantacciya a heksadesimal. Ƙara girman hoton ka kwatanta alamar da wata 8 da malamin ya rubuta a kan allon, ka lura ko gefenta na hagu miƙe yake kamar na B. Idan har yanzu kana shakka, nemi wanda ya kwafa da hannu a aji, ko kuma ka rubuta a saman amsarka cewa ka ɗauki lambar a matsayin B6, domin mai dubawa ya ga inda lissafinka ya taso.