Kurakuran da aka fi yi wajen gane jabu ta haruffan tambari

Na gaji da ganin sabon shiga ya ɗauki kwali, ya karanta sunan kamfani, ya ce ai an rubuta daidai, kaya na asali ne. Mai yin jabu ya daɗe da daina kuskuren rubuta suna. Abin da yake rasawa shi ne ainihin fayil ɗin da aka zana tambarin a ciki. Dole ya nemi haruffa masu kama da su a kwamfutarsa ya buga, ko ya kwafo daga hoto, kuma kowace hanya tana barin sawu.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne auna tsawon kalma kawai. Na taɓa karɓar katan na cajar waya, na sa rula a kan tambarin, na auna na asali da ke hannuna, tsawo da tsayi suka zo ɗaya. Na biya. Sai da cajojin suka fara dawowa, wasu sun ƙone, na zauna da gilashin ƙara girma ina bin harafi ɗaya bayan ɗaya. Na asali da salon haruffa na Helvetica aka rubuta shi, nawa kuwa da wani salon mai suna Arial. Ga inda tarkon yake: an tsara faɗin haruffan Arial ya yi daidai da na Helvetica, don haka ko sau goma ka auna, rula ba za ta faɗa maka komai ba. Bambancin yana a jikin harafin. Ƙafar R ta Helvetica tana saukowa kusan a miƙe da ɗan lanƙwasa a ƙasa, ta Arial kuwa tana miƙewa a karkace. Bakin C da S a Helvetica an yanke shi a kwance, a Arial an yanke a karkace. Kan ƙaramin t ma haka. Tun daga ranar, R da C da S nake fara nema, rula sai daga baya.

Na biyu, kuma nan ne nake faɗa da yaran da nake koya wa: ku daina ɗauka cewa tazara iri ɗaya tsakanin haruffa alamar aiki mai kyau ce. Mai zana tambari da hannu yake gyara kowace tazara. Idan A ta haɗu da V, ko T da o, yakan tura ɗaya ƙarƙashin ɗaya, don kada ido ya ga rami a tsakiyar kalma. Wanda ya buga sunan kawai ya wuce yakan bar ramin nan, ko kuma ya matse kalmar gaba ɗaya har wasu haruffan su manne. Ni abin da nake yi shi ne in juya kwalin kai ƙasa. Da zarar ka kasa karanta kalmar, idonka zai koma kan farin da ke tsakanin haruffa, ramin ya bayyana. Wasu na ce mini wannan camfi ne, to ni dai da shi nake aiki.

Akwai kuma masu jan tambari don ya cika wuri. Yawanci layin harafi na kwance ya ɗan fi na tsaye siranta. Idan ka ga sandar tsakiyar H ta fi ƙafafunta kauri, an ja tambarin sama ne. O mai zagaye ta koma ƙwai, shi ma haka.

Wanda aka kwafo daga hoto kuwa kusurwoyinsa sukan dakushe, miƙaƙƙen layi ya riƙa ɗan rawa, haruffa biyu iri ɗaya a kalma ɗaya su bambanta.

Kada kuma ka wuce gona da iri. A ɗin da ke tambarin Samsung ba ta da sandar tsakiya, haka aka zana ta, ba jabu ba ne. O da ta ɗan leƙa sama da ƙasan layi ma da gangan ne, don kada ta yi kamar ta fi sauran ƙanƙanta. Kamfanoni kuma suna sauya tambari, kamar yadda kamfanin tufafi na Burberry ya yi a 2018, don haka tsohon kwali ba ya zama hujja a kan sabo.

Kwatantawa da hoton da aka ɗauka a karkace ɓata lokaci ne, a ɗauka ido da ido daga sama. Tawada tana bazuwa a kwali mai laushi fiye da kan leda, ta ƙara wa haruffa kauri, sai ka kwatanta kwali da kwali. Idan duk haruffan sun yi daidai kuma, iyakar abin da ka tabbatar shi ne kwalin, domin akwai masu samun fayil na asali, akwai kuma masu zuba jabu a kwalin da aka taɓa amfani da shi. Buɗe ka duba rubutun da ke jikin kayan shi ma.