Darasi na 9: Sanduna ko layi?

A ce ke ce ma'ajin ƙungiyar mata a Marwa, kuma ranar taro za ki nuna lissafi a allo. Yawancin mata ba sa son dogon jerin lambobi, amma zane kowa na ganewa. To wane zane za ki yi?

Dubi abubuwan da kika rubuta, ki tambayi kanki: in na sauya musu wuri, magana za ta lalace? Masakwa, masara, gyaɗa da wake, ko wanne kika fara da shi daidai ne. Irin waɗannan, sanduna ake yi musu. Amma Maris, Afrilu, Mayu ba a juya su, domin wata na bin wata. Waɗannan layi ake ja musu.

Mu fara da rumbu. A ce akwai masakwa buhu 40, masara 35, gyaɗa 20, wake 10. Ɗauki littafin makaranta mai gida-gida, ki ce kowane gida buhu 5 ne. Sandar masakwa za ta hau gida 8, ta masara 7, ta gyaɗa 4, ta wake 2. Jera su daga doguwa zuwa gajera, faɗinsu ɗaya.

Dole sanda ta tashi daga sifili. In kika fara ƙirga daga 30 don takarda ta ishe ki, masakwa za ta hau gida 2, masara gida 1. Mai kallo sai ta ɗauka masakwa ta ninka masara, alhali buhu 5 ne kacal tsakaninsu. Daga nan rigima ke tashi a taro. Kada kuma ki haɗa kawunan sandunan da layi, don babu hanyar da ta tashi daga masara ta nufi gyaɗa.

Yanzu kuɗin albasa. A ce buhu ya kai sefa 10,000 a Maris, 12,000 a Afrilu, 18,000 a Yuni, 22,000 a Yuli. Rubuta watanni a ƙasa daga hagu zuwa dama, kuɗi a gefe daga ƙasa zuwa sama. Sa ɗigo a kan kowane wata daidai kuɗinsa, sannan ki haɗa ɗigon. Inda layi ya fi miƙewa sama, nan tsada ta fi sauri.

Kin lura babu Mayu? Ba a rubuta kuɗinsa ba, amma ki bar masa gurbinsa. In kika matso da Yuni kusa da Afrilu, zai zama kamar an ƙara 6,000 a wata ɗaya, alhali a wata biyu ne, wato kamar 3,000 kowane wata. Ƙarin Yuli na 4,000 ya fi shi sauri.

Aikin gida: rubuta kuɗin kwanon masara na mako 4 a jere, da yawan kaji, awaki da tumakin gidanku. Zana kowanne, ki kawo aji mu duba.