Mitar suga ta gida da ta Ingila: lissafin 18

Wanda ya zo Ingila da ciwon suga, ko ya taho da iyayensa masu shi, ga abin da ke rikita mutane tun satin farko. Mitar da muka taho wa Baba da ita daga Kano tana nuna 140, 160, irin haka, sai nas a asibitin unguwarmu ta ba shi wata, da safe ya gwada ya ga 8.3, wallahi tsohon nan ya tsorata ya ce sugansa ya faɗi ƙasa warwas a kawo mai lemo. Da ya sha lemon nan da ya ƙara wa kansa matsala, don 8.3 ɗin ba faɗuwa ba ce.

Ma'auni ne daban kawai. Ku duba ɗan rubutun da ke gefen lambar. Idan mg/dL ne, shi ne na Amurka da yawancin mitocin da ake sayarwa a kemis a gida, lambar ba ta da ɗigo. Idan mmol/L ne, shi ake amfani da shi a Ingila da Kanada, kuma za ku ga ɗigo, kamar 5.6.

Daga mmol/L zuwa mg/dL a ninka sau 18, komawa kuma a raba da 18. Shi ke nan. To 8.3 ɗin Baba sau 18 ya ba da 149. Muka sake gwadawa da tsohuwar mitar a take, ta ce 140, wato 7.8 in an raba. Sai ya ce to wacce ce maƙaryaciya a ciki? Babu ko ɗaya, ƙa'idar da ake ƙera mitocin nan a kai ta yarda su kauce wa sakamakon lab da kusan kashi 15 cikin ɗari in suga ya kai 100 ko fiye, don haka tazarar 9 ba komai ba ce. In dai tazarar ta yi yawa sosai, ku duba ko tsinken gwajin ya lalace ko kwanansa ya wuce, ko kuma ba a wanke hannu ba bayan cin dabino.

Lamba ɗaya nake so ku haddace, 4. Ƙasa da 4 a mitar Ingila, kusan 70 ke nan a ta gida, suga ya faɗi, nan ne ake neman lemon da gaggawa. Haɗarin ɗaya gefen kuma, ka ga 18 ka ce ai kaɗan ne, alhali 324 ne.

Kar ku ɗauki 18 ɗin nan ku kai kan kolestarol ko HbA1c, wato gwajin jinin da ke nuna matsakaicin suga na watanni biyu zuwa uku, na sugan da mita ke nunawa ne kaɗai, waɗancan lissafinsu daban. Mu dai yanzu mun ajiye tsohuwar a durowa, da ta Ingila kaɗai muke rubutawa a littafin Baba tunda ita nas ke karantawa, sai in yaya ya kira daga Kano ya tambaya in ninka mai.