Babi na Shida: Abubuwa Biyar da Ke Yanke Farashin Takardar Zaɓi, da Ma'aunansu

Darasi na 1: Mu tuna abin da muke magana a kai

Ɗalibaina, sannunku da ƙoƙari. Ku ɗauko littafin rubutu da fensir, don wannan babin da hannu ake koyonsa.

Takardar zaɓin saye tana ba mai ita dama ya sayi hannun jari a kan farashin da aka yanke tun yau, a ranar da aka sa. Dama ce kawai, babu tilas a ciki. In ranar ta zo ya ga babu riba, sai ya bar ta. Akwai kuma takardar zaɓin sayarwa, amma za mu tsaya a kan ta saye. Ita wannan dama sayenta ake yi, kuma kuɗinta muke son sani.

A shekarar 1973 Fischer Black da Myron Scholes suka wallafa ƙa'idar lissafa wannan kuɗi, Robert Merton kuma ya faɗaɗa ta a shekarar. An gina ta ne don irin takardar da sai ranar ƙarshe ake amfani da ita. Ba sai kun haddace ƙa'idar ba, na'urar lissafi za ta yi aikin. Naku shi ne ku ba ta lambobi daidai, ku kuma gane amsar da ta ba ku.

Darasi na 2: Abubuwa biyar da ake shigarwa

A allon na'ura za ku ga haruffa biyar. Harafin S shi ne farashin hannun jarin a yau. Harafin K shi ne farashin yarjejeniya, wato wanda aka yanke za a saya da shi. Harafin T shi ne lokacin da ya rage kafin takardar ta ƙare. Ƙaramin r shi ne kuɗin ruwa na shekara a kan bashin da ba a fargabar ƙin biyansa, irin wanda gwamnati ke karɓa. Na biyar alama ce kamar sifiri mai ɗan wutsiya a sama, σ, sunanta sigima. Ita ke nuna yawan hawa da saukar farashin hannun jarin a shekara. In kamfanin yana raba riba ga masu hannun jari, akan ƙara gurbi na shida, amma a misalinmu ba ya rabawa.

Huɗu daga cikin biyar ɗin ana iya karanta su a takarda ko a allon kasuwa. Sigima ce kaɗai ba wanda ya gan ta da ido, ƙiyasta ta ake yi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ga misalin da za mu bi har ƙarshen babin. Ku kwafe shi yadda yake:

```
S = 100
K = 100
T = 1
r = 0.05
σ = 0.20
```

Amsar da na'ura za ta bayar ita ce 10.45. Wato damar sayen hannun jari ɗaya a kan 100, shekara ɗaya daga yau, kuɗinta 10.45 ne, a kowane irin kuɗi ake cinikin.

Darasi na 3: Inda kowa ke tuntuɓe

A nan zan daɗe, kuma ku yi haƙuri da maimaici. A duk ajin da na koyar da wannan babi, a nan ake faɗuwa.

Lokaci da shekara ake rubuta shi. Ba da wata ba, ba da kwana ba. In wata shida ya rage, rabin shekara ke nan, sai ku rubuta 0.5. In wata uku ne, ku raba 3 da 12, ku sami 0.25. In kwanaki aka ba ku, ku raba da 365. Kwana 73 zai zama 0.2.

Ku ga abin da kuskuren ke jawowa. A misalinmu, in wata uku ya rage kuka rubuta 0.25, amsa kusan 4.6 ce. In kuka rubuta 3, na'ura za ta ɗauka shekara uku kuke nufi, ta ba ku kusan 20.9. Ya ninka gaskiya fiye da sau huɗu, kuma na'urar ba za ta yi muku gargaɗi ba, don ba ta san nufinku ba.

Haka kaso cikin ɗari. Kashi 20 cikin ɗari ana rubuta shi 0.20, kashi 5 cikin ɗari kuma 0.05. Ku lura da wannan sifirin bayan ɗigo. Wanda ya rubuta 0.5 ya ce kashi 50 ne. Wasu na'urori suna da alamar % a gefen gurbin, a irinsu 20 ɗin ake rubutawa kai tsaye. Don haka ku dubi gefen gurbin kafin ku taɓa komai. In babu alamar, ku raba da 100.

Ga yadda za ku kama kanku. In kuka rubuta 20 a gurbin sigima inda ake son 0.20, amsa za ta fito kusan 100, daidai da farashin hannun jarin kansa. Damar sayen abu a kan cikakken farashinsa ba ta yin tsadar abin, don haka da kun ga irin wannan amsa ku koma ku duba sigima.

Mu gwada tare. Wata tara nawa ne? Ku raba 9 da 12, amsa 0.75. Kashi 8 cikin ɗari fa? 0.08. In kun kuskure, ba komai, ku goge ku sake. Wanda ya kuskure a littafi bai yi asarar komai ba. To, sake ɗaya: wata ɗaya? Ku raba 1 da 12, kusan 0.083.

Darasi na 4: Delta

Yanzu tambaya ta canza. Mun san takardar tana 10.45. In abu ɗaya cikin biyar ɗin ya motsa, nawa za ta koma? Ma'aunan da ke amsa wannan an raɗa wa mafi yawansu sunayen haruffan Girkanci. Sharaɗinsu ɗaya ne, kuma ku ja masa layi: abu ɗaya ake motsawa, sauran huɗun suna nan yadda suke.

Delta tana faɗin nawa takardar za ta motsa in farashin hannun jari ya motsa da 1. A misalinmu delta 0.64 ce. Hannun jari ya tashi daga 100 zuwa 101, takardar ta tashi daga 10.45 zuwa kusan 11.09. Ya sauka zuwa 99, ta koma kusan 9.81. Ku yi jimlar da ragin da hannunku.

Deltar zaɓin saye tana tsakanin 0 da 1. In hannun jarin ya yi nisa sama da farashin yarjejeniya, tana matsawa kusa da 1, takardar tana bin sa kusan ƙafa da ƙafa. In ya yi ƙasa sosai, tana kusa da sifiri, motsinsa bai cika taɓa ta ba. Ta zaɓin sayarwa tana da alamar ragi a gaba, a lambobinmu -0.36, domin in hannun jari ya hau ita sauka take yi.

Ga amfaninta a aikace. Wanda ya sayar da damar sayen hannun jari 100 yakan sayi hannun jari 64 ya riƙe. In farashi ya ɗan hau, abin da ya rasa a takardun ya samu a hannun jarin.

Darasi na 5: Gama

Delta ba ta zama wuri ɗaya. Gama, wadda allo ke rubutawa `Gamma`, ita ke faɗin nawa delta za ta canza in hannun jari ya motsa da 1. Tamu 0.019 ce. Daga 100 zuwa 101, delta ta tashi daga kusan 0.64 zuwa kusan 0.66.

Ga dalilin da ya sa ba a raina ta. A ce farashi ya yi tsalle daga 100 zuwa 110. Mai aiki da delta kaɗai zai ce 10 sau 0.64, ya ƙara 6.4 a kan 10.45, ya sami 16.85. Ku sa 110 a gurbin S, za ku ga 17.66. Wannan ratar ta kusan 0.8 aikin gama ce, don delta tana girma a kan hanya. Delta ta ƙaramin motsi ce. Gama ta fi girma idan farashin kasuwa yana dab da na yarjejeniya kuma ranar ƙarewa ta matso.

Na ga wasu sun sa 110 sun sami wata amsa daban. Na duba, ashe sun bar T a 0.25 daga darasin baya. Haba jama'a, sau nawa zan faɗa? Kafin kowane gwaji ku karanta gurabun biyar daga sama zuwa ƙasa, da babbar murya in ta kama. Shekara ɗaya 1 ce.

Darasi na 6: Bega

A allo `Vega` za ku gani. Ita kaɗai ce sunanta ba harafin Girkanci ba ne. Tana auna tasirin sigima. Tamu 0.38 ce ga kowane ɗigo ɗaya cikin ɗari, wato sigima ta tashi daga 0.20 zuwa 0.21, takardar ta koma kusan 10.83. Hawa da sauka yana ƙara wa takardar daraja, saboda asarar mai ita ba ta wuce abin da ya biya, ribarsa kuwa tana iya girma.

Wasu na'urori za su nuna 37.5. Ku raba da 100, abu ɗaya ne. Kun tuna na ce sigima ƙiyasi ce? In kuka kuskure ta da ɗigo biyar, farashin ya kauce da kusan 1.9, ko da sauran huɗun daidai suke. A ganina wannan ne gurbin da ya fi cancantar a zauna a yi tunani kafin a cike shi.

Darasi na 7: Tita

`Theta` a allo. Tana faɗin abin da takardar ke rasawa yayin da lokaci ke wucewa. Tamu -6.41 ce a shekara. Ku raba da 365, kusan -0.018 a kwana. Gobe, in komai bai motsa ba, 10.45 ta zama 10.43. Ga takardar da farashinta na yarjejeniya ke kusa da na kasuwa, zaizayar tana ƙara sauri a makonnin ƙarshe. Ku duba ko ta kwana na'urarku ke nunawa ko ta shekara.

Darasi na 8: Ro

`Rho` a allo, ta kuɗin ruwa ce. Tamu 0.53. In r ya tashi daga 0.05 zuwa 0.06, takardar ta koma kusan 10.98. A takardun gajeren lokaci ƙarama ce.

Aikin gida: ku mayar da wata huɗu, kwana 146 da kashi 12 cikin ɗari zuwa lambobin da na'ura ke karɓa. Sannan ku sa S ya zama 102, ku ƙiyasta amsa ta hanyar amfani da delta kafin ku danna, ku rubuta taku da ta na'ura gefe da gefe.